Faɗin Bututu Ba Shi Ne Alheri Ba: Yadda Ake Zaɓar Bututun Kwandishan a Dogon Bene

Wani abokina mai gyaran na'urorin sanyi ya taɓa jan hannuna zuwa wani bene mai hawa biyar a Kano, inda kwamfuresar kwandishan ta mutu sau biyu cikin ɗan lokaci. Injin ciki yana maƙale a silin hawan ƙasa, injin waje kuma yana can saman rufin bene, tsakaninsu akwai tsayin mita 15. Mai gidan ya riga ya yanke hukunci cewa jabun kwamfuresa ake sayar masa, wasu kuma suka ɗora laifin a kan wutar lantarki. Abokina bai yi musu da kowa ba. Ya ɗauki matacciyar kwamfuresar, ya kifa ta a kan wani kwano don ya ga man da ya rage a cikinta. Abin da ya zubo bai cika kofin shayi ba, alhali irin wannan kwamfuresa tana zuwa da mai lita ɗaya da ɗan ɗoriya. Bayan an kwashe gas, sai ya yanke babban bututun daga gindinsa, nan take mai ya kwararo masa a hannu har gwiwa.

"Alhaji, ga manka nan," in ji shi. "Ba sace shi aka yi ba. Hawa ne ya gagare shi."

Mai gidan ya ce, "To ai ni na ce a sa babban bututu, Malam. Na ƙara kuɗi a kai, don kada a yi mini ƙoro."

Nan gizo ke saƙa. A aikin famfo mun saba da cewa babban bututu ya fi ba da ruwa, sai mutum ya ɗauka haka abin yake a ko'ina. A kwandishan, musamman inda bututu zai miƙe sama da nisa, faɗin da ya wuce kima yana kashe inji kamar yadda ƙanƙanta ke raunana shi.

Abin da ke yawo cikin bututun biyu

Kwandishan mai raba biyu, wato mai injin ciki da injin waje, bututun jan ƙarfe biyu ne suke haɗa shi. Siririn yana kai gas ɗin da ya koma ruwa zuwa injin ciki. A can ruwan yake tafasa, ya shanye zafin ɗaki, ya zama tururi. Kakkauran bututun, wanda ake naɗe wa baƙin soso, shi ke mayar da tururin zuwa kwamfuresa, ta matse shi, ta tura shi ya huce a injin waje, ya sake zama ruwa. Haka zagayen yake tafiya muddin injin yana kunne.

Sai dai gas ba ya tafiya shi kaɗai. Kwamfuresa inji ce mai ƙarafa masu gugar juna, tana da manta a cikinta kamar injin mota. Bambancin shi ne man mota yana zaune wuri ɗaya, man kwamfuresa kuwa gas yana wanke kaɗan daga cikinsa ya fita da shi a kowane lokaci. Mu ɗauka man da ke fita rabin kashi ɗaya ne cikin 100 na nauyin gas ɗin da ke wucewa. Injin da muke magana a kai yana tura gas kusan kilo 4 a minti ɗaya, ke nan giram 20 na mai yana barin kwamfuresa duk minti. Da a ce ko ɗigo ba ya dawowa, kafin awa ɗaya ta cika kwamfuresa ta bushe. Don haka duk man da ya fita dole ya zagayo ya dawo gida.

A cikin siririn bututu man ba ya ba da wahala, domin yana narkewa cikin ruwan gas su tafi tare. Rigimar tana farawa ne bayan ruwan ya tafasa a injin ciki. Gas ya zama tururi, mai kuwa ba ya tafasa a wannan sanyin, sai ya rabu, ya manne a bangon bututu, ga shi sanyi ya sa ya yi kauri. Daga nan babu abin da zai kai shi gaba sai gudun tururin da ke shafarsa yana jansa, kamar yadda iskar hunturu ke kwasar ƙura idan ta taso da ƙarfi, ta ajiye ta idan ta lafa. A kwantaccen bututu ɗan gudu ya isa. A tsayayyen bututu kuwa nauyin man yana jansa ƙasa, tururi yana jansa sama, wanda ya fi ƙarfi shi ke yin nasara.

Masu wannan sana'a suna da ƙa'idar da suka daɗe suna aiki da ita. A kwantaccen bututu, gudun tururi kada ya gaza mita 2.5 zuwa 3.5 a daƙiƙa ɗaya. A tsayayye kada ya gaza mita 5, wasu kamfanonin ma sukan nemi mita 7.5. Ta sama kuma ba a so ya haura mita 20, saboda ƙara da asarar matsi. Ba dokar da aka saukar ba ce, ma'aunin farko ne da ake fara gwada lissafi da shi kafin a duba teburin kamfanin da ya ƙera injin.

Gaba kura, baya siyaki

Hanyar ƙara gudu a bayyane take. Duk wanda ya taɓa danne bakin tiyo da babban yatsa ya san ruwa yana ƙara gudu idan hanya ta ƙuntata. To me zai hana a sa siririn bututu a huta?

Abin da zai hana shi ne gogayya. Tururin da ke gudu yana gugar bangon bututu, kuma kowace mita tana cin wani abu daga matsinsa. Idan ya iso kwamfuresa da raunin matsi, ya saki jiki ke nan, ya yi sako-sako. Kwamfuresa kuwa da mudu take awo, ba da sikeli ba: kowane juyi cikin mudu ɗaya take ɗiba, ko tururin ya cushe ko ya saki. Idan ya saki, nauyin gas ɗin da take turawa ya ragu, sanyi ya ragu, wutar da ake sha don samun wannan sanyin ta ƙaru, kan kwamfuresa kuma ya ƙara zafi.

Wannan asara ba a hankali take hawa ba. Rage faɗin cikin bututu daga milimita 17 zuwa 14 ba wani abu ba ne a ido, amma yana ninka asarar matsi fiye da sau biyu da rabi. Ka'idar da aka saba bi ita ce kada asarar kakkauran bututu gaba ɗayansa ta wuce abin da zai sauke zafin tafasar gas da kusan digiri 1. Ga gas ɗin R410A a yanayin kwandishan, digiri 1 ɗin nan daidai yake da kusan psi 4.5 a agogon geji. Ga tsohon gas R22 bai kai psi 3 ba. Shi ya sa teburin bututun wani gas ba ya yi wa wani aiki.

Mai zaɓen bututu yana tsakanin iyaka biyu ke nan. Idan ya faɗaɗa, mai ya maƙale. Idan ya ƙuntata, sanyi ya zube a hanya. Kuma kowace iyaka da lokacin da ake gwada ta: asarar matsi ana lissafa ta ne lokacin da injin ke aiki da dukan ƙarfinsa, dawowar mai kuwa lokacin da yake aiki da mafi ƙarancin ƙarfinsa. Wannan na biyun shi aka fi mantawa.

Lissafin benen nan

Mu koma benen abokina mu bi lissafin ɗaya bayan ɗaya. Injin mai ƙarfin tan 3 ne, wato kusan kilowat 10.5 na sanyi, yana aiki da R410A. Kwamfuresarsa mai mataki biyu ce: idan zafi ya yi yawa ta yi aiki gaba ɗaya, idan ɗaki ya fara sanyi ta sauka zuwa kusan kashi biyu cikin uku.

Abu na farko shi ne tsawo. Tsayayyen ɓangaren mita 15 ne, kwantattun ɓangarori na ƙasa da na saman rufi sun haɗa mita 10, jimla mita 25. Amma kowace gwiwa da kowane lanƙwasa suna tare tururi kamar an ƙara ɗan tsawon bututu, don haka ana ƙara musu kaso. A nan gwiwoyin sun kai kimanin mita 5, sai tsawon lissafi ya zama mita 30. Wanda ya auna da tef kawai ya manta gwiwoyi, lissafinsa ya fara da giɓi.

Abu na biyu shi ne yawan tururi. A rana mai zafi irin ta watan Afrilu, mu ce gas yana tafasa a digiri 7 a injin ciki, yana komawa ruwa a digiri 50 a injin waje. A wannan hali kowane kilo na gas yana ɗauke zafi kusan kilojul 153. Idan aka raba 10.5 da 153, za a ga ana bukatar giram 69 na gas a kowace daƙiƙa. Lita ɗaya ta wannan tururi tana da nauyin giram 36, ke nan lita 1.9 na tururi ke bin kakkauran bututu duk daƙiƙa. Wannan adadi shi ne mabuɗin komai, domin raba shi da faɗin bakin bututu shi ke ba da gudu.

Bututu huɗu ne ake iya tunaninsu a nan. A kasuwa da inci ake kiran su, kuma kaurin waje ake nufi, shi ya sa ake cire kaurin bango kafin lissafi.

Na inci 5/8, cikinsa kusan milimita 14 ne. Tururi zai yi gudun mita 12 a daƙiƙa, mai zai hau ba gardama. Amma gogayya za ta ci kusan psi 13, ga kuma nauyin tururin kansa a tsayin mita 15, wanda bai kai psi 1 ba. Asarar ta ninka abin da aka yarda da shi sau uku, kuma za ta rage sanyin injin da kusan kashi 8 cikin 100 har ƙarshen rayuwarsa. Mai gida ya biya kuɗin tan 3, yana shan ƙasa da haka.

Na inci 1 1/8, wanda aka sa wa Alhaji, cikinsa milimita 26 ne. Asarar matsi ba ta kai psi 1.5 ba, abin sha'awa a takarda. Gudu kuwa mita 3.6 ne a cikakken ƙarfi, ya faɗo zuwa 2.4 a ƙaramin mataki. Ko rabin abin da tsayayyen bututu ke bukata bai kai ba a lokacin da injin ya fi daɗewa yana aiki.

Saura biyu na tsakiya. Na inci 7/8, mai milimita 20, yana ba da gudun mita 6 da asarar psi 3. Wanda ya tsaya a nan zai ce an gama, ga gudu ga sauƙin asara. Amma da zarar kwamfuresa ta sauka ƙaramin mataki, gudun ya koma mita 4, ya faɗi ƙasa da iyaka. Na inci 3/4, mai milimita 17, yana ba da mita 8.4 a cikakken ƙarfi da 5.6 a ƙaramin mataki, ya tsallake iyakar mai a duka biyun. Aibinsa shi ne asarar da ta kusa psi 6 idan aka ja shi tun daga farko har ƙarshe, ta ɗan haura ƙa'ida.

Mafita ita ce a ba kowane ɓangare abin da ya dace da shi. Tsayayyen ɓangaren a sa masa 3/4, domin a nan ne mai ke bukatar a ja shi da ƙarfi. Kwantattun ɓangarori a sa musu 7/8, domin gudun mita 4 ya wadatar da su ko a ƙaramin mataki. Idan aka haɗa, tsayayyen da gwiwoyinsa zai ci kusan psi 2.8, kwantattun su ci 0.9, nauyin tururi ya ci 0.8. Jimla psi 4.5, daidai kan iyaka. Haka abokina ya yi bayan ya tabbatar littafin injin ya yarda da girman biyu, kuma wannan ita ce dabarar da manyan masu aikin sanyi suka saba da ita: a rage tsayayyen bututu da mataki ɗaya, a rama asarar a kwantacce.

Tarko da gangare

Girman bututu shi ne babban aiki, amma yadda aka shimfiɗa shi ma yana da nasa rabon. Kwantaccen kakkauran bututu ana ɗan karkatar da shi zuwa inda tururi ya dosa, kusan santimita 1 a kowace mita 2.5, don mai ya riƙa gangarawa da kansa. Bututun da aka bari ya yi ciki a tsakiya saboda rashin maɗauri ya zama tafkin mai.

A gindin tsayayyen bututu akan yi wani ɗan lanƙwasa mai kama da na ƙarƙashin kwanon wanke hannu, ana ce masa tarkon mai. Man da ya gangaro yana taruwa a ciki, hanya ta ƙuntata, tururi ya ƙara gudu a wurin, ya farfasa man ya watsa shi sama. Tsohuwar al'ada ita ce a ƙara wani tarkon a kusan kowace mita 6 ta tsayi, don man da ya zamo idan inji ya tsaya kada ya koma ƙasa gaba ɗaya. Sharaɗin tarko shi ne ya zama ɗan ƙarami iya yadda gwiwoyi za su bari. Tarko mai zurfi rumbu ne, zai riƙe man da kwamfuresa ke jira, ranar da ya sake shi kuma ya sake shi dunƙule guda. Kwamfuresa an yi ta ne don matse tururi, idan guntun mai ya faɗa mata a lokaci ɗaya yana iya fasa mata kayan ciki.

Abu biyu ya kamata a riƙe game da tarko. Na farko, ba ya gyara bututun da ya yi faɗi. Ko tarko goma aka jera a bututun Alhaji, man da aka watsa sama zai sake zamowa tun da babu gudun da zai riƙe shi. Na biyu, ba kowane inji ke son sa ba. Yawancin injinan zamani masu inbata suna da tsarin da ke ɗaga gudun kwamfuresa lokaci-lokaci na wasu mintoci don ya share man da ya kwanta, kuma wasu kamfanonin sun hana a yi tarko, wasu sun faɗi tazarar da za a bari. Maganar littafin injin ita ce gaba da al'ada.

A manyan injina masu sauka ƙasa sosai, inda babu bututu ɗaya da zai gamsar da iyakokin biyu, akan jera tsayayyun bututu biyu, ƙarami da babba, da tarko a gindin babban. Idan aiki ya yi ƙasa, mai ya cika tarkon ya toshe babban, tururi duka ya bi ƙaramin da gudu. Idan aiki ya tashi, matsi ya ture man, hanyoyin biyu su buɗe. Dabara ce mai kyau, amma tarkon yana riƙe mai da yawa, don haka ba a yin ta sai da lissafin injiniya.

Idan injin waje ne a ƙasa

Juya benen, a ce injin waje yana ƙasa a tsakar gida, injin ciki yana hawa na biyar. Yanzu mai ya huta, domin tururi da mai gangarowa za su yi. Wahalar ta koma kan siririn bututu, wanda zai ɗaga ruwa mita 15.

Ruwan gas yana zama ruwa ne saboda matsin da ke kansa. Idan matsin ya ragu ya wuce wani ƙadami, sai ya fara tafasa tun a cikin bututu, kamar yadda lemun kwalba ke kumfa da zarar an buɗe murfi. Bawul ɗin da ke bakin injin ciki ruwa zalla yake so. Idan kumfa ta iso masa, abin da ke wucewa ya ragu, injin ciki ya ji yunwa, sanyi ya faɗi. Abin da ke kare ruwan shi ne rarar sanyin da ya fito da ita daga injin waje. Idan ya koma ruwa a digiri 50 amma ya fito a 45, yana da rarar digiri 5 da zai kashe a hanya.

Ruwan R410A mai zafi yana rasa kusan psi 1.34 a kowace mita ta hawa, saboda nauyinsa kawai. Mita 15 ta ci psi 20. A bututun inci 3/8, gogayyar mita 30 ta ƙara kusan psi 10. Jimla psi 30, kuma a wannan zafin kusan psi 10 ke daidai da digiri 1, ke nan digiri 3 sun tafi, saura 2. Ya isa, amma da kyar. Idan bututun ya bi ta bangon da rana ke duka, ko matatar gas ta fara toshewa, ragowar ta ƙare. Shi ya sa a irin wannan aiki ake naɗe siririn bututun ma a inda rana ke samunsa.

A nan ma faɗaɗa bututu ba ya yin abin da ake zato. Idan aka koma inci 1/2, gogayya za ta sauko daga psi 10 zuwa kusan 2, amma psi 20 na hawa suna nan daram, domin nauyin ruwa a tsayi bai damu da faɗin bututu ba. Kuma bututun 1/2 yana cin gas kusan ninki biyu na 3/8. Yawan gas nauyi ne a kan kwamfuresa: idan inji ya tsaya, gas yakan lallaɓa ya je ya narke cikin manta, da an kunna sai man ya yi kumfa ya fice tare da shi. A garuruwanmu da wuta ke zuwa tana ɗaukewa, ana sauyawa tsakanin layi da janareta, inji yana tashi sau da yawa a yini, kuma kowane tashi yana fitar da mai fiye da tafiyar yau da kullum. Injin da bai samu ya yi doguwar tafiya ya dawo da mansa ba kafin a sake ɗauke wuta, bashi yake tarawa.

Ko da an zaɓi girman daidai, dogon bututu yana bukatar ƙarin gas. Injin waje yakan zo da gas ɗin da zai ishi wani tsawo da aka rubuta a littafinsa. Idan mita 5 ne, benenmu yana da rarar mita 20, kuma bututun 3/8 yana neman kusan giram 55 a kowace mita, wato kilo 1.1. A kan sikeli ake auna shi, ba da taɓa bututu a ji sanyi ba. Wasu kamfanonin sukan ce a ƙara mai ma idan gas ɗin ya wuce wani adadi, kuma sai irin man da suka ambata, domin man R22 daban yake da na R410A da R32.

Ƙananan kwandishan na bango

Duk wannan lissafi na manyan injina ne da kamfani ya bar wa mai haɗawa zaɓin bututu. Ƙananan na bango da suka cika gidaje da ofisoshi, masu hos ɗaya zuwa biyu, hukuncinsu daban ne. A yawancinsu abin da ke sauke matsin ruwan gas yana cikin injin waje, don haka siririn bututun ma sanyi yake ɗauka, shi ya sa ake naɗe duka biyun da soso. An ƙera su ne a kan girman bututu tsayayye, galibi 1/4 da 3/8 ko 1/4 da 1/2, kuma ba a canza shi. Abin dubawa a littafinsu lamba uku ce: iyakar tsawon bututu, iyakar tazarar tsayi tsakanin injinan biyu, da giram nawa za a ƙara a kowace mita. A yawancin ƙananan, tazarar tsayin da aka yarda da ita ba ta kai ta benen Alhaji ba. Idan gininka ya wuce iyakar, babu dabarar walda da za ta cece ka. Ko a matso da injin waje kusa, a kafa shi a baranda ko a jikin bango, ko a sayi injin da aka yi don dogon bututu.

Yadda ake gane ciwon

Kowanne daga cikin ciwukan nan uku yana da alamarsa. Idan mai ne ba ya dawowa, sanyi yakan yi kyau da farko, domin matsi lafiya lau yake, shi ya sa ciwon ke ɓuya. Sai ƙarar kwamfuresa ta fara sauyawa, ta yi kaushi, wani lokaci a ji ƙwanƙwasa idan guntun mai ya faɗo mata, daga baya ta cije. A manyan kwamfuresa masu gilashin duba mai, za a ga man ya sauka bayan an daɗe a ƙaramin mataki. Babbar shaida ita ce wadda abokina ya nema: a zubar da man matacciyar a auna. Kwamfuresa ta biyu da ta mutu a wuri ɗaya cikin ɗan lokaci, bututu ya kamata a fara tuhuma. Kuma kafin a ɗaura sabuwa sai an fitar da man da ya kwanta a tsohon layi, in ba haka ba sabuwar za ta zo da nata man ta tarar da na marigayiya yana jiranta.

Idan bututun ne ya ƙuntata, ana gane shi da geji biyu, ɗaya a mafitar injin ciki, ɗaya a mashigar kwamfuresa, inji yana cikakken aiki. Idan na farko ya nuna psi 130 na biyu ya nuna 117, psi 13 sun ɓace a hanya. Ko bututun ya yi siriri, ko an lanƙwasa shi da hannu ya ɓaɓɓake a wata kusurwa.

Idan kuma ruwa ne ke tafasa a hanya, za a auna a injin waje a ga rarar sanyi daidai, amma a sama kusa da bawul a ji huci mai yankewa, gilashin dubawa ya nuna kumfa. Mai gyaran da bai hau sama ya duba ba zai yi ta ɗura gas har ya cika injin fiye da kima.

Mai gini ba sai ya iya wannan lissafi ba, amma yana da ikon yin tambaya kafin a fasa bango. Mita nawa ne tsayin, mita nawa ne tsawon har da gwiwoyi? Me littafin injin ya ce game da iyakarsu? Wane girman bututu za a sa a tsayayyen ɓangare, kuma an gwada shi a mafi ƙarancin ƙarfin injin? Giram nawa na gas za a ƙara, kuma ina sikelin? Mai aikin da ya san hannunsa zai amsa waɗannan da lambobi, ya buɗe maka shafin ya nuna. Wanda ya ce maka "babba ya fi, Alhaji", ka riƙe kuɗinka tukuna, domin bututun da aka binne a bangon bene ya fi kwamfuresa wuyar canzawa.